Tunin Bashi Tsakanin Dila da Mai Shago: Matakai Huɗu

Tunin bashi shi ne saƙon da dila yake aika wa mai shagon da ya ɗauki kaya bai gama biya ba. A manyan kasuwannin sari irin Kantin Kwari da Singa a Kano, ciniki da yawa kan amana yake tafiya: mai shago ya ba da wani abu, ya tafi da kaya, ya kawo cikon bayan ya sayar. Dila yana son kuɗinsa, kuma ba ya son rasa mai sayen kayansa, shi ya sa ake yin tuni daki-daki.

Aikin yana farawa tun ranar ɗaukar kaya. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashin da aka yanka wa wa'adi, kuma wannan rubutun ne kowane tuni zai dogara da shi. A ɗauka wani mai shago daga Gumel ya sari atamfa turmi 20, kowane a kan naira 12,000, jimla 240,000. Ya ba da 90,000, saura 150,000, wa'adi mako huɗu. Dila ya rubuta wannan a littafi da rasit, har da sunan wanda ya tsaya wa mai shagon.

Tuni na farko yana zuwa kwana uku kafin wa'adi, lokacin da babu laifin kowa tukuna. Yakan kasance gajeren saƙo ta waya: “Salamu alaikum Malam, ya kasuwa, ya iyali? Cikon atamfar nan, dubu ɗari da hamsin, ranar Asabar ne in Allah ya kai mu. Ga lambar asusu.” Abu uku ne a cikinsa: adadi, rana da hanyar biya. Waɗannan ukun suna dawowa a kowane tuni. Saƙon da ya tsaya a “ina jiranka fa” yana barin ƙofar musu a buɗe.

Na biyu yana biyo baya kwana biyu da wucewar wa'adi, kuma ana gina shi kan kyakkyawan zato: “Malam, Asabar ta wuce ban ga kuɗin ba, na ce ko lafiya. Wace rana zan sa rai?” Amfanin tambayar shi ne mai shagon ya faɗi rana da bakinsa, domin alkawarin da mutum ya ɗauka da kansa ya fi wuyar saɓawa.

Idan mako guda ya ƙara wucewa, sai dila ya kira da kansa, domin a murya ake gane halin da ake ciki. Wanda kasuwa ta tsaya masa yakan ɗauki waya, ya faɗi turmi nawa ya sayar, ya turo ko da kaɗan ne. Mai kauce wa biya kuwa yakan daina ɗaukar waya, ko ya riƙa ɗaga rana ba tare da turo ko sisi ba, ko a gan shi yana sari da kuɗi hannu a wani shago. Na farkon ya cancanci jinkiri, kamar yadda aya ta 280 ta surar ta nuna game da wanda yake cikin ƙunci. A misalin nan, idan turmi biyar bai shiga ba kuma yana nan a ƙunshinsa, yana iya dawo da shi a cire 60,000. Sauran 90,000 a raba gida uku, 30,000 duk mako, a sake rubutawa. Ƙara kuɗi a kan bashin saboda jinkiri riba ce, don haka ba ta cikin sulhun.

Mataki na huɗu na wanda ya saɓa sabon alkawarin ne. Har a nan ana gaisawa kuma ana kiran mutum da girmansa, sai dai ana faɗa masa abin da zai biyo baya: ba zai ƙara ɗaukar kaya ba sai ya biya, kuma nan da Juma'a za a sanar da wanda ya tsaya masa. In hakan bai yi ba, maganar ta tafi gaban shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, da rasit da saƙonnin da aka yi musaya.

Kurakurai biyu ne suka fi lalata wannan tsari. Na farko, yin tuni a gaban masu sayayya ko aika yaron shago ya ɗaga murya. Wanda aka kunyata yakan biya da ƙyar kuma ba ya dawowa. Na biyu, ba da sabon kaya a kan tsohon bashi don gudun ɓacin rai, har lissafi ya cuɗe a rasa wane biya ne na wane kaya. Dilan da ya rufe lissafi ɗaya kafin ya buɗe wani shi ne yake sanin ainihin abin da yake bin kowa.