Tattara farashin abokan gasa ba tare da keta dokar shafinsu ba

Mai sayar da wayoyi da ke son gwada farashinsa da na wasu shagunan intanet yakan fara duba fayil ɗin robots.txt na shafinsu, wanda RFC 9309 ta tsara ƙa'idarsa a 2022. Idan fayil ɗin ya ce `Disallow: /cart/`, manhajar tattara bayanai ba ta shiga can. Sai a karanta sharuɗɗan shafin ma, domin wasu sun hana kwasar bayanai gaba ɗaya.

A riƙa ba da tazarar daƙiƙoƙi tsakanin buƙata da buƙata. Amsar 429 na nufin an yi gaggawa, don haka a dakata.

Wajen kwatantawa ake yawan kuskure: waya mai 128GB da mai 256GB kan zo da suna kusan ɗaya, farashi kuwa daban, ga kuɗin kai kaya da ba a saka a ciki ba.