Kafin a zuba wa aksil ɗin baya man giya, a duba ko motar mai LSD ce

Akwai wata ƙara da masu Hilux da Land Cruiser da Patrol kan ji jim kaɗan bayan an canza musu man aksil ɗin baya. A miƙaƙƙen titi motar lafiya lau take tafiya. Amma da an zo shan kwana a hankali, kamar shiga gida ko juyawa a gidan mai, sai bayan motar ya riƙa gurnani yana fizga, har direba ya ji a kujerarsa. Wani ya ce boris ne, wani ya ce farfela ce. Sau da yawa ba ɗayansu ba ne. Man da aka zuba ne bai dace da irin difaranshal ɗin da ke cikin motar ba.

Aikin difaranshal, wato tarin giyoyin da ke cikin tukunyar tsakiyar aksil, shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Irin na gama-gari yana da aibi guda: idan taya ɗaya ta faɗa taɓo ko rairayi, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuwa ta tsaya cik. Don haka aka ƙera wanda ake kira LSD. A cikin nau'insa da ya fi yawa a tsofaffin motocin daji akwai faifan kuloci da aka jera a matse, suna riƙe tayoyin biyu tare. A cikin taɓo wannan riƙon ne ke tura ƙarfi ga tayar da ta taka ƙasa mai ƙwari. A kwana kuma dole faifan su zame wa juna sannu a hankali, in ba haka ba tayoyin ba za su bambanta gudu ba.

Nan ne mai ya shigo. Man giya na yau da kullum mai lambar GL-5 an haɗa shi ne don ya kare haƙoran giya daga matsi da zafi, ba don faifan kuloci ba. A cikinsa faifan sukan kame, ƙarfi ya taru, su kuɓuce da ƙarfi, su sake kamewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan kamu da sakin shi ne gurnanin da ake ji. Sinadarin da masu shagon kayan gyara ke kira firikshan modifaya yana rage ƙarfin kamun farko, ta yadda faifan za su fara zamewa sumul. Ba ya ƙara wa mai kauri, ba ya gyara giyar da ta ci, kuma ba ya maye gurbin man kansa.

To, ta yaya mai mota zai san abin da ke ƙarƙashinsa? Littafin motar ne ya fi kowa gaskiya, kuma wasu motocin Toyota suna da takarda manne a jikin tukunyar da ke cewa man LSD kaɗai za a zuba. Motar da aka sayo ta hannu, galibi littafin ya ɓata, takardar ta goge. Sai a yi gwajin gareji: a tare tayoyin gaba, a ɗaga na baya duka biyu a kan madogara mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba, a sa giya a firi, a saki birkin hannu, a juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta ɓangare guda, LSD mai faifai ne kuma yana da sauran rai. Idan ta juya baya, ko dai na gama-gari ne, ko faifan sun cinye, ko kuma nau'in da ke aiki da giyoyi zalla ne, irin Torsen da Truetrac. Wannan nau'in ba shi da faifan kuloci, saboda haka ba ya buƙatar sinadarin. Masu ƙera Truetrac ma ba sa shawartar a zuba masa.

Mu ɗauka gwaji ya nuna mai faifai ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi man GL-5 mai kaurin da kamfani ya faɗa, kamar 80W-90 ko 85W-90, wanda aka rubuta LS ko LSD a jikin galan ɗinsa. Wannan ya riga ya zo da sinadarin a ciki. Wasu kamfanonin kuma sun fi son a haɗa da hannu. Ford, a aksil ɗinta mai Traction-Lok na inci 8.8, tana sa a zuba kwalbar Motorcraft XL-3 guda, mililita 118, cikin mai kimanin lita 2. Dubi ƙanƙantar abin: kashi shida cikin ɗari ne ko kusa da haka.

Wajen canzawa, a fara kwance noti na sama, na zubawa, kafin na ƙasa. Wanda ya tsiyaye mai sannan ya tarar da na saman ya ƙi kwancewa, motarsa ta kwana gareji. A duba maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa: laushin baƙin gari ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi kuwa alamar giya ko boris na ci. Idan za a haɗa sinadarin, shi ake fara zubawa, sannan mai ya biyo har ya kawo bakin ramin, motar tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. Daga nan a fita fili a yi ta zagaye a hankali, hagu da dama kamar ana zana lamba 8, sau goma ko makamancin haka, domin sabon man ya ratsa tsakanin faifan. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su ji ƙarar ba ta ɗauke nan take ba, su koma su ƙara kwalba.

Ƙarin nan shi ne kuskuren da na fi jin tsoro, domin ba ya ƙara, ba ya nuna kansa. Idan an zuba man LS kuma aka ɗora masa cikakkiyar kwalba, ko aka juye kwalba biyu don a huta, faifan za su yi santsi fiye da kima. Gurnani zai ɗauke, mai mota ya yi murna, alhali riƙon da ya saya ya tafi. Sai ranar da damina ta kama shi a hanyar ƙauye, taya ɗaya na watsa taɓo ɗayar na tsaye, zai gane. Kuma ba a iya cire sinadarin daga cikin mai, sai dai a tsiyaye duka a sake saye. Idan an zuba man LS, an yi zagayen, amma da sauran fizga, a riƙa ƙara kamar mililita 30 a lokaci guda, ana gwadawa, a tsaya da zarar ta lafa. Idan an kai kwalba guda ba ta lafa ba, matsalar ta wuce ta mai, faifan ne suka ƙone ko suka lanƙwashe, sai an buɗe.

Kafin a ɗora laifi kan mai, a dubi libar giyar taimako. Motar da ake sa wa ƙafa huɗu da hannu, idan aka manta ta a 4H a kan kwalta, za ta yi fizga a kwana mai kama da wannan, kuma babu sinadarin da zai magance shi. Haka tayoyin baya da ba girmansu ɗaya ba suna sa faifan zamewa ba hutu ko a miƙaƙƙiyar hanya, su cinye da wuri.

Aksil ɗin gaba a mafi yawan waɗannan motoci na gama-gari ne, GL-5 mara ƙari ya ishe shi, kuma in man LS ya shiga cikinsa ba ya cutarwa. Giyabos da akwatin giyar taimako kuwa kowanne da man da kamfani ya ware masa, kada a kai musu wannan sinadari. Wanda kuma ya ratsa rafi har ruwa ya rufe aksil, ya buɗe notin sama ya duba. Aksil mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa. In man ya koma fari-fari kamar madara, a canza shi a ranar, da ma'aunin sinadarinsa sabo.