Siffanta gilashi ga manhajar ƙirƙirar hoto: misalin kwalbar turare

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu duba yadda ake rubuta umurni ga manhajojin da ke mayar da rubutu hoto, domin a samu kwalbar turare mai kama da ta gaske. Mun ɗauki Stable Diffusion, wadda ta fito a 2022, musamman samfurinta na SDXL na 2023. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, irin wannan manhaja ba ta lissafin tafiyar haske. Tana kwaikwayon kamannin hotunan da aka horar da ita da su ne kawai. Saboda haka idan aka ce mata "gilashi mai tsabta" aka tsaya nan, sai ta haɗo hasken hotuna dabam-dabam a kwalba guda. Ra'ayinmu shi ne, wanda ke son gilashi ya fito daidai, sai ya siffanta haske da abin da ke bayan kwalbar, kamar yadda mai ɗaukar hoto ke shirya ɗakin aikinsa.

2. Abin da haske ke yi a cikin kwalba

Gilashi ba ya nuna kansa. Ido na gane shi ta hanya biyu: hasken da ya karye a cikinsa, da wanda ya dawo daga fuskarsa.

Haske yakan karye idan ya ƙetara daga wani abu zuwa wani. Ma'aunin wannan karyewa kusan 1 ne a iska, 1,36 a alkol, wanda shi ne mafi yawan ruwan turaren feshi, sannan wajen 1,52 a gilashin kwalba. Kwalba mai siffar gwangwani, idan tana cike, takan juya abin da ke can bayanta, dama ta koma hagu. Mai kusurwa huɗu kuwa takan ɗan gusar da shi ne kawai, sai a kusurwoyi da gindi mai kauri inda yake murɗewa.

Game da dawowar haske, idan ya faɗo kai tsaye, fuskar da ke tsakanin iska da gilashi takan mayar da wajen kashi 4 cikin 100. Tsakanin gilashi da alkol kuwa abin bai kai rabin kashi 1 ba, domin ma'auninsu ya kusanci juna. Ke nan bangon ciki na kwalba yana fitowa sosai a saman turare, inda akwai iska, amma ya dusashe a inda turare ya taɓa shi. Wannan bambanci na cikin alamun da ake tantance hoto da su.

3. Yadda ake samun gefe mai tsabta

Masu ɗaukar hoton gilashi suna da tsari biyu. A na farko, ana haskaka farin bango a bayan kwalba, a bar gefuna biyu da duhu, sai kwalbar ta fito da siririn baƙin layi a kewayenta. A na biyu, bayan kwalba baƙi ne, haske na zuwa daga gefuna, sai layin ya fito fari. Dole a zaɓi ɗaya a faɗe shi a cikin umurni. Idan ba a zaɓa ba, sau da yawa farin gefe kan faɗa kan farin bango, kwalba ta narke a wani wuri.

4. Misali

Bari mu ɗauki kwalba mai kusurwa huɗu ta mililita 50, mai kaurin gindi, da turare mai launin zuma da murfi baƙi. Mun zaɓi tsari na farko, saboda hasken baya shi ke fito da launin turare. Mun rubuta umurnin da Ingilishi domin akasarin bayanan hotunan da aka horar da manhajar a kansu da shi aka rubuta su:

```
studio photo of a square glass perfume bottle, thick base,
amber liquid three quarters full, thin dip tube, black cap,
backlit white background, dark edge lines,
one softbox reflection on the left, amber glow on table in front
```

A akwatin `negative prompt`, inda ake jera abin da ba a so, mun sa:

```
text, label, plastic, frosted glass, bubbles, double edges
```

Kowane yanki yana da dalilinsa. Mun ce turare ya kai kashi uku cikin huɗu domin a samu layin saman ruwa da iska a bisansa. Mun ambaci siririn bututun feshi saboda shi ne ke nuna cewa kwalbar tana da ciki. Ƙyalli ɗaya muka nema a hagu, domin ƙyalli da yawa yana nufin fitilu da yawa. Tun da haske daga baya yake, launin zuman da ya ratsa turare a gaban kwalba zai zuba kan tebur. Ba mu cika umurnin da kalmomin yabo ba, domin sashen da ke karanta rubutu a wannan manhaja gutsure 77 yake ɗauka a zubi ɗaya. Girman hoto 1024 sau 1024, `CFG scale` kuma tsakanin 5 da 7. Idan aka ɗaga shi sosai, launi kan ƙone, gefe ya yi kauri kamar an zana shi da alƙalami.

5. Tantancewa da gyara

Idan hoto ya fito, abu huɗu muke dubawa. Layin saman turare ya kwanta sak, ya kuma taɓa bango biyu. Bututu ya sauko daga wuya har kusa da gindi, ba tare da ya rabu biyu ko ya ɓace a tsakiya ba. Ƙyallin da ke kan gilashi da na kan murfi su kasance ɓangare guda. Inuwa kuma kada ta zama baƙa ƙirin, domin abin da haske ke ratsawa inuwarsa tana da sauƙi, da ɗan haske mai launi a cikinta.

Idan kuskuren na haske ne gaba ɗaya, sai a riƙe lambar `seed` yadda take, a sauya yanki ɗaya na umurni, a sake gwadawa. Ta haka ake sanin kalmar da ta kawo sauyi. Idan kuwa ƙaramin wuri ne, kamar kusurwar da ta lanƙwashe, sai a rufe wurin da `inpaint`, a sa `denoising strength` wajen 0,3 zuwa 0,4. Ƙasa da haka kuskuren yakan tsaya, sama da haka sosai manhajar kan zana wata sabuwar kusurwa da ba ta dace da sauran ba.

6. Iyakar wannan hanya

SDXL tana aiki ne a kan matsattsen hoto, wanda aka rage sau 8 a tsawo da faɗi, wato 1024 ya koma 128. Shi ya sa siraran layuka da ƙananan haruffa suke lalacewa. Don haka sunan turare daga baya ake ɗora shi da manhajar gyaran hoto. Haka nan, bangon da aka nema yana nan cikin gilashin. Kwalbar da aka yi a kan fari, idan aka yanke ta aka ɗora a kan baƙi, za ta zama kamar cike take da madara. Launin bangon talla, tun a umurni ake yanke shi.

A ƙarshe, umurni na ba da kwalba mai kama da wadda aka siffanta ne, ba ainihin wadda ke kanti ba. Idan hoton na sayar da kaya ne, sai a ɗauki hoton kwalbar ta gaske a tsarin hasken da muka bayyana a sashe na 3, a bar wa manhaja aikin tebur da kayan da ke kewaye, don mai saye ya samu abin da ya gani.