Buhu biyu, kaya ɗaya: me ya sa farashinsu ba ya rabuwa

A kasuwannin hannun jari irin na Chicago, ana cinikin takardu iri biyu. Ta farko tana ba ka ikon sayen hannun jari a kan farashin da aka yanke, ranar da aka sa. Ta biyu kuwa ikon sayarwa ce. Ka ga riba ka yi, ba ka gani ba ka bari, kuɗin takardar kaɗai ka rasa. A 1969 masanin tattalin arziki Hans Stoll ya bayyana cewa farashin takardun nan biyu a ɗaure suke da juna.

Mu ɗauka hannun jari yana dala 102 yau, farashin da aka yanke 105, wa'adi shekara guda, kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari. Wato dala 100 da aka ajiye yau za ta zama 105. Buhu na farko: ikon saye da ajiyar dala 100. Na biyu: ikon sayarwa da hannun jarin kansa.

In farashi ya hau 120, mai buhun farko zai biya 105 ɗinsa ya karɓi hannun jarin. Na biyu dama yana riƙe da shi. Kowa 120. In ya faɗi 90, na farko ya riƙe 105 ɗinsa, na biyu ya sayar a 105. Tunda ƙarshensu ɗaya ko ta ina, dole kuɗinsu yau ya zama ɗaya:

C + K/(1+r) = P + S

C kuɗin ikon saye ne, P na ikon sayarwa, S farashin yau, K wanda aka yanke, r kuɗin ruwa. In ikon saye dala 8 ne, 8 da 100 sun ba da 108, saboda haka ikon sayarwa 6 ne.

To in ana sayar da shi 4 fa? Ɗan kasuwa zai sayar da ikon saye ya karɓi 8, ya ranto 100, ya sayi hannun jari 102 da ikon sayarwa 4. Saura 2 a hannunsa. Ranar wa'adi, farashi ya hau ko ya faɗi, hannun jarin zai fita a 105, ya biya bashi cif. Masu rububin wannan ribar su ke tura farashin ya koma 6. Abin da ya fi burge ni shi ne, babu inda hasashen kowa ya shiga lissafin.

Amma kafin ka ce ka tsinci dami a kala, duba da kyau. Dokar ta takardu ce irin na Turai, waɗanda ba a amfani da su sai ranar wa'adi. Irin na Amurka, da ake iya amfani da su kafin ranar, ba sa bin ta daidai. In kamfanin zai raba riba kafin wa'adi, sai an cire darajarta ta yau daga S. Sau da yawa kuma la'adar dillali da tsadar rance sun isa su cinye dala biyun.