Bidiyon amshi: yadda yara ke haddace addu'a

A makarantar allo malam ke biyawa, yara su amsa. Haka bidiyon addu'a zai kasance. Ɗauki addu'ar kwanciya barci. A raba ta gaɓa biyu. Murya ta faɗi gaɓar farko, sannan a yi shiru daidai tsawonta domin yaro ya amsa. A maimaita sau uku kafin a haɗa ta da ta biyu.

Rubutun ya zama babba, da wasulansa, gaɓa ɗaya tak a kan allon wayar. Idan yaro yana haɗiye ƙarshen kalma, shirun ya yi gajarta. Uwa ta saurare shi bayan an kashe bidiyon, don a nan ake gane hadda ta zauna.