Kaza da dankali a tire ɗaya

Cinyar kaza mai ƙashi tana nuna cikin minti 35 zuwa 40 a oben mai zafin 200°C. Dankalin turawa da aka yanka girman ƙwan zabo kuwa sai ya kai minti 50. Shi ya sa uwargida za ki fara sa dankalin, da mai da gishiri, ya yi minti 15 shi kaɗai, sannan ki jera cinyoyin, fata tana sama. In ƙirji ne marar ƙashi, jinkirta shi, minti 20 na ƙarshe ya ishe shi, in ba haka ba ya bushe. Kada ki cika tiren. Cunkoso tururi yake tarawa, dankalin ya yi laɓo-laɓo maimakon ya gasu. Ki soki cinyar kusa da ƙashi, in ruwan ya fito da ja, da saura.