Ka Gwada Sabon Allo Tun Ana Karɓar Kayan da Aka Mayar

Wanda ya sayi sabon allon kwamfuta ko talabijin yakan kunna shi, ya ga hoto ya fito tangaran, sai ya jefar da kwali ya ce ai akwai garanti. A nan kuskuren yake. Garanti daban, wa'adin mayar da kaya daban, kuma akwai lahanin da garanti ba ya ɗauka, wa'adin ne kaɗai zai fisshe ka. Shi ya sa ya kamata a gwada allo ranar da ya shigo gida, kwali da rasit suna ajiye.

Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Allon Full HD yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600, kuma kowane ɗigo ya kasu uku: ja, kore da shuɗi. A cikin wannan yawa, wani kan mutu ya zama baƙi wuluk, wani kuma ya maƙale a launi ɗaya. Kamfanoni sun san haka, har tsohon ma'aunin ISO 13406-2 ya yi wa abin aji-aji. A aji na biyu, an yarda da matattun ɗigo 2 a kowane miliyan. Ke nan allon Full HD mai matattun ɗigo 3 yana iya zama lafiyayye a idon kamfanin da ke bin wannan aji, ko da ɗaya yana tsakiyar inda kake karatu. Idan wa'adin shago ya wuce, ka koma neman garanti, sai a ce maka adadin bai kai ba.

Gwajin kuwa bai fi rabin sa'a ba. A fara goge allon da ƙyalle mai laushi, domin ƙura tana kama da mataccen ɗigo. Sai a shirya hotuna shida masu launi ɗaya zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi da ruwan toka, wato #808080. A buɗe kowanne ya cika allo, a manhajar shiga intanet maɓallin F11 yana yin haka, talabijin kuma a sa masa hotunan a filash. A matso kusa ana bin allon layi-layi, domin a allo mai inci 24 faɗin ɗigo bai kai sulusin milimita ba. Fari yana tona mataccen ɗigo, baƙi yana tona wanda ya maƙale yana haske. Sauran launukan suna nuna ɓangaren da ya lalace. Idan ɗigo ya yi ruwan ɗorawa a kan fari, ya yi baƙi a kan shuɗi, amma ya ɓace a kan ja da kore, to shuɗinsa ne ya mutu.

Hasken baya shi ne inda aka fi ruɗewa. Allon LCD ba ya haske da kansa, fitilu ne a bayansa ko a gefensa, kuma idan firam ya matse gilashin, haske kan tsiyayo ta gefe. A bar allon ya yi minti 20 a kunne, a kashe fitilar ɗaki, a sa hasken da aka saba aiki da shi, sannan a buɗe baƙin hoton. Idan an ga haske a kusurwa, a ja da baya, a karkata kai. Hasken da ya ragu ko ya sauya wuri ɗabi'ar allon IPS ce, canji ba zai raba ka da ita ba. Wanda ya tsaya cak ko ta ina aka kalle shi, shi ne tsiyaya. Ruwan toka kuma yana fito da dabbare-dabbare kamar allon ya yi datti. Kada a yanke hukunci da hoton waya, domin kyamara tana ƙara haske a duhu, ta mayar da ƙaramin abu babba.

Wani zai ce, abin da sai an nema ake gani, mene ne na damuwa? Akwai gaskiya a ciki, domin da wuya a sami allon LCD da haskensa ya daidaita ɗari bisa ɗari, kuma mai neman haka zai yi ta canji har ya gaji. Amma gwajin ba ya tilasta mayarwa, zaɓi yake ba ka tun kana da shi. Ɗigo ɗaya a can kusurwa ana iya haƙuri da shi, na tsakiya kuwa idan ido ya gano shi, ba ya ƙara mantawa. Wani kuma zai ce ai ana farfaɗo da ɗigo da bidiyon launuka masu walƙiya. Wannan kan yi aiki wani lokaci a kan wanda ya maƙale, mataccen kuwa ba ya tashi. Danna gilashi da yatsa kuma yana iya ƙara ɓarna, ya ba mai shago hujjar cewa kai ka lalata.

Saboda haka kafin ka biya, ka tambayi kwana nawa ne wa'adin, kuma ko ɗigo ɗaya ya isa a canza, a rubuta maka a rasit. Inda mai shago ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, wa'adinka yana ƙarewa ne a bakin ƙofarsa, don haka ka je da filash ɗinka a gwada a gabansa.